Takardu uku da nake tafiyar da aikin ɗab'i da su

Ina da ƙaramin shagon zane da ɗab'i a wajen Ƙofar Ƙaura a birnin Katsina, kuma mafi yawan aikina katin ɗaurin aure ne da shahadar makarantu da littafin walima. Abin da na lura da shi shi ne, zanen kansa ba ya cin lokaci kamar yadda kai-komo da mai aiki yake ci: a kira shi a tambayi rana, ya turo gyaran suna bayan an gama, a yi ta ja-in-ja kan cikon kuɗi. Saboda haka na tsara takardu uku, ta karɓar aiki da ta miƙawa da ta rufewa, kuma ƙa'idata ita ce ba a shiga mataki na gaba sai an cike ta baya.

Takardar karɓar aiki ce ta fi ɗaukar nauyi, kuma zan bayyana ta da aikin wata makarantar Islamiyya da ta kawo littafin walimar saukar Alƙur'ani da shahadar ɗalibai 60. Da shugaban makarantar ya miƙo mini sunayen a rubuce da biro, sai na ce masa: “Malam, a yi haƙuri a buga mana su a waya ko a Excel, kowane suna a layinsa, yadda iyayen yaro suke rubuta shi.” Dalili kuwa shi ne Muhammad da Muhammadu da Mohammed duk suna ɗaya ne a baki, amma a shahada uban yaro ba zai karɓi wanda ba nasa ba, kuma idan ni na kwafa daga rubutun hannu, asarar sake bugawa a kaina za ta faɗa. Takardar tana kuma da gurbi biyu na kwanan wata, na Miladiyya da na Hijira, tare da sunan ranar, domin watan Musulunci yana bin sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, kuma kalanda tana iya saɓawa da kwana ɗaya. Sai adadin shafuka: littafin A5 da ake naɗe takardar A4 gida biyu a ɗinke a tsakiya dole shafukansa su rabu huɗu-huɗu. Abin da makarantar ta kawo ya cika shafi 14, don haka tun a zaman farko muka yanke cewa za a kai shi 16 da hotunan malamai, aka yi kuɗi a kan haka. A ƙasan takardar an rubuta cewa rabin kuɗi shi ne kafin alƙalami, gyara sau biyu kyauta ne, na uku kuma da kuɗinsa, kuma mutum ɗaya ne kawai zai riƙa amincewa da aiki a madadin kwamitin. Wannan sharaɗi na ƙarshe ina ganin ya fi sauran amfani, domin kwamiti yakan turo gyare-gyare masu karo da juna.

Shi zanen ba na fara shi daga farin shafi. Na ajiye samfuri a CorelDRAW mai girman milimita 148 da 210, da rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, da launi a tsarin CMYK na injin bugawa, da nau'in rubutun da na tabbatar yana da ƙ da ɗ da ɓ. Rubutun da ba shi da su yakan fitar da ɗan akwati a gurbin harafin, ko harafin ya bambanta da 'yan'uwansa a kauri.

Takardar miƙawa gajera ce, kuma kowane layi amsarsa i ce ko a'a. “A duba aiki sosai” ba layi ba ne, domin ba wanda zai ce bai duba ba. Abin da na rubuta shi ne ko an ƙirga sunaye sun cika 60, ko kaifin hotuna ya kai 300 dpi, ko an mayar da rubutu zane da Ctrl+Q a kwafin da zai tafi wurin bugawa, ko mai aiki ya rubuto “na amince” a ƙarƙashin fayil ɗin ƙarshe a WhatsApp. Amincewar baki a waya ba na karɓar ta. Sunan fayil ma tsari ɗaya yake bi:

```
islamiyya_littafi_v2_amince.pdf
```

Ta rufewa kuwa ta ƙunshi ƙirga kaya a gaban mai karɓa, da cikon kuɗi, da rasit, da ajiye kwafin da ba a mayar da rubutunsa zane ba a kwamfuta da kuma Google Drive, domin makarantar za ta dawo baɗi, sunaye da rana kawai za a sauya.

Iyakar wannan tsari ita ce tsawo. Da takardar miƙawa ta wuce shafi guda, sai na ga yaran shago suna sa alama daga sama har ƙasa da biro ɗaya a lokaci ɗaya, alamar ba su duba komai ba. Yanzu ba na ƙara layi sai matsalar da ta taɓa jawo sake bugawa ko jinkirin biya, kuma katin aure da shahada kowanne na ware masa tasa takardar, tun da abin da ake dubawa a cikinsu ya bambanta.