Labarin cikinka kamar kuɗin biki ne

Shekarar da na baro Tawa na zo karatu Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, an haɗa ni ɗaki da wani yaro Bamarade mai fara'a. A dare na uku muna zaune bakin ɗaki muna shan shayi, ya tambaye ni, "Abokina, ya mutanen gida?" Gaisuwa ce kawai. Ni kuwa kewar gida ta cika min ciki, sai na kwance masa komai: bashin da mahaifina ya ciwo a ci-rani a Abijan, rabuwarsa da mahaifiyata, har gonar da aka jinginar. Ko zagayen shayi na biyu ba a zuba ba. Ya yi shiru yana juya ɗan kofi a hannu, ya ce, "Allah ya kyauta." Daga ranar ya koma kwana wajen 'yan garinsu, in mun haɗu sai gaisuwa.

Na daɗe ina ganin wulakanci ya yi min. Sai daga baya na gane bashi na ɗora masa. Ku dubi yadda iyayenmu mata ke biki. In ƙawa ta kawo jika biyu ranar sunan ɗanki, ke ma za ki mayar da ɗan ƙari ranar nata, a haka zumunci ke hawa. Wadda kuka saba jiya ta kawo jika hamsin kuwa ta saka ki a tsaka mai wuya, don ba ki da abin mayarwa. Haka na yi wa yaron nan. Ko dai ya fito da sirri mai nauyin nawa ga mutumin da ya sani kwana uku, ko ya zauna da kunyar rashin ramawa. Sai ya gudu. Kuma bashin mahaifina ma ba sirrina ba ne ni kaɗai da zan bayar.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 1997 wani Ba'amurke, Arthur Aron, da abokan aikinsa sun zaunar da mutanen da ba su san juna ba bibbiyu na minti 45, suka ba su tambayoyi 36 a kashi uku, kowane kashi ya fi na baya zurfi, kuma kowace tambaya su biyun ke amsawa. Waɗannan sun tashi suna jin kusanci fiye da waɗanda aka bari da hirar sama-sama. Minti 45 ba ya yin amini, amma ku lura da tsarin: hawa-hawa ake yi, kuma ba a barin mutum ɗaya yana zuba, ɗayan yana saurare.

Ga yadda nake yi yanzu. Da sabon aboki nakan tsaya a labarin gari, aiki da ƙwallo har mu zauna sau da yawa. Sannan in ba da wani abu da ya riga ya warke, wanda ko ya fita ba zai cuce ni ba, misali yadda na faɗi jarrabawar bak, ta kammala sakandare, karon farko. Daga nan sai in ja bakina in duba. In ya yi tambaya a kai, ko ya ce "ai ni ma" ya kawo nasa mai irin wannan nauyi, ko bayan kwana biyu ya tuno min maganar, to ƙofa ta buɗe, zan iya ƙara taki ɗaya. In ya rufe da addu'a ya ɗauko waya, ko ya juya hira zuwa wasan jiya, sai in koma inda muke ba tare da fushi ba. Wani kunya ce ke riƙe shi, yana bukatar lokaci. In kuma na ji labarin bak ɗina a bakin wani a fada, na san iyakarmu ke nan. Ciwon da bai warke ba da sirrin gida sai bayan watanni. Banda wanda ke cikin matsala ta gaggawa: shi kada ya jira, ya nemi babba ko likita yau.

Bayan abin da ya faru a jami'a na faɗa ɗaya ramin. Wani aminina a unguwar Bukoki ta Yamai ya shekara yana gaya min damuwarsa, ni ina ba da shawara kamar limami, ban taɓa cewa komai game da kaina ba. Ran nan yana fifita gawayi ya ɗago ya ce, "Malam, kai ka san cikina kaf, ni ko sunan ƙauyenku ban sani ba. Zurfin cikin nan naka ya yi yawa." Daren nan na gaya masa labarin bak. Na gonar sai da damina ta zagayo.