Wa Ake Fara Kira a Zaman Kare Kundin Digiri na Uku?

A sashenmu na nazarin Hausa, aikin gabatar da masu zama ranar kare kundi yana wuyan jami'in da ke kula da ɗaliban digiri na biyu da na uku. Da aka ɗora mini wannan nauyi na ga cewa magana ce da ba ta wuce 'yan mintoci ba, amma daga gare ta kowa a ɗakin yake gane wanda ke da ikon yanke hukunci da wanda ya zo shaida kawai.

Shugaban zama ne ke buɗe taro, ni kuwa sai ya ba ni izini nake miƙewa. Shi nake fara ambata, sannan mai jarrabawa na waje, wato malamin da aka gayyato daga wata jami'a, sai na cikin gida, sai wakilin makarantar karatun gaba da digirin farko, sai masu duba aikin, ɗalibi a ƙarshe. Kowace jami'a da nata tsari, shi ya sa nake riƙe da takardar da hukuma ta amince da sunayen masu jarrabawa a ciki, ina bin ta sau da ƙafa.

Zaman da ya fi koya mini abu shi ne na wani kundi a kan waƙar baka. Babban mai duba aikin dattijon farfesa ne, rabin malaman sashen ɗalibansa ne, har da ni. Baƙon da ya zo jarrabawa kuwa mataimakin farfesa ne, kuma a haife dattijon ya haife shi. Bisa tarbiyyarmu, bakina dattijon yake son fara kira. Amma a wannan ɗaki aikin da mutum ya zo yi ake dubawa kafin shekaru ko muƙami. Baƙo ya zo ya auna aiki, dattijo kuwa aikin da ya duba ne ake aunawa. In na sa shi gaba, na yi masa kirarin gwanin fagen da ba a ja da shi, to na ɗaure bakin baƙo tun bai buɗe kundi ba, domin duk gyaran da ya kawo zai zama kamar raina babba.

Saboda haka tun da safe na je ofishin dattijon na gaishe shi, na ce: "Ranka ya daɗe, bisa tsari baƙo zan fara gabatarwa, kai sai daga baya." Ya yi dariya ya ce da na yi akasin haka da shi zai fara gyara mini.

Kowane mutum jimla biyu ko uku nake ba shi: muƙaminsa na ilimi, cikakken suna, sashe da jami'a, fannin da ya ƙware, da abin da ya kawo shi. Fannin nan shi ne ya fi amfani a wajen baƙo, don shi ke nuna dalilin gayyato shi. Na ce masani ne a kan adabin baka, kuma shi ne mai jarrabawa na waje a wannan zama, na tsaya. Ga dattijon na ce shi ne babban mai duba aikin, na ambaci na biyun a bayansa. Sarautar gargajiya da jerin kujerun da mutum ya taɓa riƙewa nakan bar su ga ranar walima.

Muƙami kuwa ba na dogara da takardar kaɗai. Tsakanin amincewa da sunan mai jarrabawa da ranar zama akan yi watanni, wani har an yi masa ƙarin girma. Jajiberin ranar nakan kira shi in tambayi yadda ake kiransa yanzu, in kuma ba Bahaushe ba ne in roƙe shi ya furta mini sunansa, in rubuta yadda na ji. Ka kira farfesa da Dakta a gaban ɗalibi, ba lallai ya tanka ba, amma za ka ga fuska ta canja.

Kundin kansa ba na yabonsa ko da kalma ɗaya, ba na kuma nuna na san abin da ke cikin rahoton masu jarrabawa. Ɗalibin na kira shi Malam, na karanta lambar rajistarsa da taken kundi harafi da harafi yadda aka yi masa rajista. Abokansa sun daɗe suna ce masa Dakta a waje, amma a tsarinmu ko ya ci jarrabawar sai ya yi gyare-gyare, majalisar jami'a ta amince da sakamako, kafin sunan ya zama nasa. Daga nan na mayar da magana ga shugaban zama, shi kuma ya ba ɗalibi dama ya taƙaita aikinsa kafin baƙo ya fara tambayoyi.