Gaut ne ko sudogaut? Abin da ruwan gwiwa ke nunawa a ƙarƙashin maikuroskof

A ɗakin duba marasa lafiya da nake aiki, da wuya mai ciwon gaɓa ya shigo hannu rabbana. Yawanci yana riƙe da takardar gwajin jini da ke nuna yurik asid ya hau, wani kuma ya riga ya yanke masa hukunci cewa gaut ne, ciwon gaɓa da daskarewar yurik asid ke jawowa. Matsalar ita ce wannan takarda ba ta raba gardama. Mutane da yawa yurik asid ɗinsu ya wuce 6.8 mg/dL, wato iyakar da yake fara daskarewa a jiki, amma har su mutu gaɓa ba za ta taɓa kumbura musu ba. Wani kuma yana tsakiyar ciwon gaut na gaske, a auna jininsa a ga komai daidai. Abin da ke raba gardamar shi ne a zuƙo ruwan gaɓar a duba.

Wani dattijo da ya haura saba'in ne ɗansa ya kawo, gwiwar dama ta kumbura suntum, da zafi, ko taɓawa ba ya so a yi. Kwanan nan aka yi masa aikin gwaiwa. Yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, kuma ya daɗe a kan alofurinol, maganin gaut, da aka rubuta masa a wani wuri. An hana shi nama da kayan ciki. Na tambaye shi, "Baba, babban yatsan ƙafarka ya taɓa tashinka cikin dare da ciwo?" Ya ce, "Ko sau ɗaya, likita. Gwiwa ce dai, wani sa'in kuma wuyan hannu."

Wannan amsa ta sa na dakata. Gaut ya fi fara kamu a gindin babban yatsan ƙafa ko idon sawu, cikin dare, kuma galibi namiji mai matsakaicin shekaru yake fara kamawa. Sudogaut kuwa, wanda ke kama da gaut amma gishirin kalsiyam ne ke daskarewa a gaɓar maimakon yurik asid, ciwon tsofaffi ne, gwiwa da wuyan hannu yake so, kuma ya saba tashi bayan tiyata ko wata jinya mai nauyi. Shi kuma maganin sa fitsarin nan kaɗai ya isa ya ɗaga yurik asid, kamar yadda firazinamid ke yi wa masu shan maganin tarin fuka. Sai dai duk wannan hasashe ne. Gaut ma yana kama gwiwa, shi ma yana tashi bayan tiyata, sannan akwai abu na uku da ya fi su biyun haɗari, wato ƙwayoyin cuta a cikin gaɓa.

Na wanke fatar, na shiga da allura ta gefen ƙoƙon gwiwa, nesa da duk inda fata ta yi ja. Ruwan ya fito rawaya mai duhu, gurɓatacce. Tun a sirinji ake fara karatu. Ruwan gaɓa mai lafiya garau yake, idan ka kara shi a kan rubutu za ka karanta, kuma yana da yauƙi: ka ɗiga shi sai ya ja zare kafin ya tsinke. Na Baba ɗiga yake yi tsulum, ba yauƙi, domin kumburi ya farfasa sinadarin da ke ba shi kauri. Wannan ya nuna akwai kumburi, amma bai faɗi wane iri ba.

Na raba ruwan uku. Kaso na farko cikin kwalba mai tsabta domin neman ƙwayoyin cuta ta hanyar rinin Gram da shuka su, shi ne kan gaba ko da ruwan kaɗan ne. Na biyu cikin kwalbar EDTA ta ruwa domin ƙirga ƙwayoyin jini. Na uku na bar shi a sirinji na kai ɗakin gwaji da ƙafata domin neman kiristal, wato ɓurɓushin da ke daskarewa a cikin gaɓa. Kwalba mai garin okzalet ko litiyam hefarin ba ta dace da neman kiristal ba, domin su kansu suna haifar da ɓurɓushi mai ƙyalli da zai ruɗi mai dubawa.

A ɗakin gwaji akwai wani tsohon ma'aikaci da kowa ke kira Malam, shi ya koya wa yawancinmu wannan aiki. Wajen ƙirga ya tsaya a kan wani ɗalibi da ya ɗauko ruwan Turk, wanda aka saba sirka jini da shi. "Ajiye shi, yaro. Akwai asid a ciki, zai dunƙule ruwan gaɓa ya tafi da ƙwayoyin, ka ƙirga ƙarya." Da ruwan gishiri ake sirkawa, kashi 1 cikin 20. An ƙirga manyan murabba'ai huɗu na kusurwar gilashin Neubauer, aka sami fararen ƙwayoyin jini 460, aka ninka da 50, ya ba da 23,000 a kowace maikurolita, mafi yawansu irin da ake kira nutrofil.

A ƙa'ida, gaɓa mai lafiya ba ta kai 200, ciwon zaizayewar gaɓa na tsufa ba ya wuce 2,000, daga 2,000 zuwa 50,000 kumburi ne, abin da ya haura haka kuma a fara zargin ƙwayoyin cuta. Gaut da sudogaut duka a tsakiyar nan suke zama, saboda haka ƙirga ba ta bambance su ko kaɗan. Iyakokin ma ba katanga ba ne. Gaut mai tsanani kan haura 50,000, gaɓar da ƙwayoyin cuta suka fara ci kuma kan tsaya ƙasa da haka.

Sai aikin da ya kai ni can. Ɗigo ɗaya a kan gilashi mai tsabta, a rufe da siririn murfi, kada a taɓa da safar hannu mai hoda, don ƙwayar sitaci tana haskawa da alamar kuros. Malam ba ya yarda a fara da haske mai tacewa. Da hasken yau da kullum ake farawa, a rage shi, a duba a ninki 400, a bi cikin nutrofil ɗaya bayan ɗaya. Dalilinsa na da ƙarfi. Kiristal ɗin gaut, wato monosodiyam yuret, dogo ne siriri mai tsini, siffar allura, sau da yawa za ka gan shi ya huda ƙwayar nutrofil ya fito ta ɗaya gefen. Na sudogaut, wato kalsiyam fairofosfet, gajere ne mai kauri, bakinsa a datse, ko dai ɗan sanda ko mai kusurwa huɗu a karkace kamar yankan alawar madara. Da yawa daga cikinsu ba sa haskawa sam idan an duhunta fili. Wanda ya fara da duhu yana jiran ƙyalli zai wuce su ya rubuta babu.

Bayan nan aka saka matatan haske biyu, folaraiza a ƙasa kan fitila, analaiza a sama, aka juya ɗaya har fili ya yi baƙi ƙirin. A irin wannan duhu yuret yakan haska fari tas, ko makaho da rabin ido zai gan shi. Na Baba ɗan haske ne dishi-dishi, wasu ma babu. A nan akwai tarko guda: kowane kiristal yana ɓacewa idan ya kwanta daidai da layin matatar, don haka dole a riƙa juya faifan da gilashin ke kai.

Mataki na ƙarshe shi ne zura jan kwamfanseta, wani ɗan faranti da ake sakawa tsakanin matatan biyu, fili ya koma ja mai sirkin shunayya. A jikinsa akwai kibiya, sau da yawa da alamar γ, mai nuna layin da haske ke tafiya a hankali. Da wannan kibiya ake karanta launi. Yuret idan ya kwanta layi ɗaya da kibiya rawaya ne, idan ya gitta ta shuɗi ne, wannan ake kira nagetif, kuma launinsa mai ƙarfi ne. Kalsiyam fairofosfet akasin haka yake: shuɗi idan ya bi kibiya, rawaya idan ya gitta, wato fozitif, launin kuma a koɗe. Ke nan kowannensu yana iya zama rawaya, yana iya zama shuɗi. Ɗalibin da ya leƙa ya ɗago yana cewa "rawaya ne, gaut ne", Malam sai ya tambaye shi, "Ina kansa ya dosa?" Abin da muke yi shi ne mu zaɓi kiristal ɗaya mai tsawon da za a gane kwanciyarsa, mu daidaita shi da kibiya, mu ga launi, mu juya shi digiri 90, mu tabbatar launin ya sauya. Na Baba ya yi shuɗi-shuɗi a layin kibiya, ya koma rawaya da aka juya. Mun ci gaba da bin gilashin muna neman allura, domin ana samun iri biyun a gaɓa ɗaya. Ba mu ga ko ɗaya ba.

Wannan hanya ba tsohuwa ba ce can. A 1961 ne Daniel McCarty da Joseph Hollander suka nuna kiristal ɗin yuret a ruwan gaɓar masu gaut a Philadelphia, a 1962 kuma McCarty da abokan aikinsa suka bayyana ɗaya irin a marasa lafiyar da ake ɗauka gaut gare su. Inda babu kwamfanseta, ana iya manna salatif fari ninki biyu a kan gilashi ya tsaya a madadinsa, amma tunda ba shi da kibiya, sai an fara gwada shi da yuret da aka tabbatar, misali farin garin da aka tsakuro daga ƙullutun da yuret ke tarawa a jikin mai gaut. Idan za a adana irin wannan ƙullutu, a sa shi cikin tsantsar alkohol, don fomalin mai ruwa narkar da yuret yake yi. A kuma tambayi ko an yi wa gaɓar allurar siteroyid, maganin rage kumburi, kwanan baya, saboda ɓurɓushinta yana daɗewa a ciki yana ƙyalli, har da mai kama da allura.

Ganin kiristal bai sa mun saki jiki ba. Rinin Gram bai nuna komai ba, amma shi ma yakan kuskure da yawa, kuma kiristal da ƙwayoyin cuta suna haɗuwa a gaɓa guda. Don haka ba mu yi wa gwiwar allurar siteroyid ba, muka kwantar da shi muna bin zafin jikinsa har sakamakon shuka ya fito babu komai. Zuƙe ruwan kansa ya rage masa zugi. Aka ɗora ƙanƙara, aka ba shi siteroyid na sha, firednisolon, na 'yan kwanaki, tunda ƙodarsa ba za ta ɗauki irin su dikulofenak ba. Hoton gwiwar ya nuna siririn farin layi na kalsiyam a cikin guringuntsi.

Alofurinol rage yurik asid yake yi, ba ya taɓa kalsiyam fairofosfet, kuma har yau babu maganin da ke narkar da wannan kiristal. Babban likitanmu ya duba tarihin, babu ƙullutu, babu tsakuwar ƙoda, babu ciwon da ya taɓa kama da gaut, ya dakatar da shi. Muka auna kalsiyam da magniziyam da ƙarfen jini, domin yawan aikin ƙullin faratayirod, ƙarancin magniziyam da taruwar ƙarfe a jiki suna haifar da sudogaut, ko da yake an fi tsananta nemansu idan mai ciwon bai kai sittin ba. Na Baba magniziyam ne ya ɗan sauka, abin da maganin sa fitsari ke jawowa, aka sauya masa maganin hawan jinin da wani iri. Ɗansa ya tambaya ko a ci gaba da hana shi nama, muka ce ya ci gwargwado, tunda nama ba shi da hannu a wannan ciwon.