Ranar da iyafis ɗina ya sha ruwan Agusta

A damina ta bara ruwa ya kama ni a kan babur tsakanin Zoo Road da Hotoro, irin ruwan Agusta ɗin nan da ba ya jiran mutum ya sami rumfa. Iyafis na bulutut yana kunnena, akwatin cajinsa yana aljihun gaba na kaftani. Da na isa gida na kunna karatu don in gwada, sai na ji muryar malamin kamar daga cikin randa take fitowa. Na hagu ma ya fi shaƙewa.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya kashe shi. Na goge su da gefen riga, na mayar cikin akwatin, na jona caji. Da safe na dama ya farfaɗo, na hagu kuwa ko fitilarsa ba ta kamawa. Uwargida ta ce a tura shi cikin shinkafa, aka tura, ya kwana biyu. Da abin ya ƙi, na ɗora shi a kan kwanon ɗakin girki ya sha ranar azahar. Daga nan na kai shi Farm Centre wajen wani yaro mai gyara. Ya ɓalle shi, ya miƙo mini in gani da idona: wurin da ƙarafan caji suke ya yi kore-kore, gam ɗin bakin ya saki.

"Alhaji, ai ba ruwan ne ya cinye shi ba," in ji shi. "Cajin da ka sa masa yana jiƙe ne. Ranar kuma ta ƙarasa shi."

Bayanin nasa ya zauna mini. Idan wuta tana bi ta cikin ƙarfe alhali akwai laima, tsatsa kan kama shi cikin sa'o'i kaɗan, wani lokaci kuma ruwan ya haɗa wurare biyu da bai kamata su haɗu ba. Mayar da iyafis cikin akwatinsa kuwa caji ne kai tsaye, ko ba ka jona wayar caji a bango ba, domin akwatin yana da nasa batir. Ga shi kuma rufaffe, laimar ba ta da hanyar fita. Wannan ne ban sani ba sam.

Shaƙewar muryar ita kanta ba alamar mutuwa ba ce. A bakin iyafis akwai 'yar raga mai ƙananan huji, bayanta kuma akwai wata siririyar leda da ke kaɗawa kamar fatar kalangu, ita ke ba da sauti. Ruwa kan maƙale a hujin ragar ya toshe su, sai siraran sautuka su ɓace, amon ƙasa kawai ya rage. Shi ya sa kake jin magana amma ba ka rarrabe "s" da "sh". Da zarar ruwan ya bushe, yawanci murya takan dawo.

Bana abin ya sake faruwa da sabon da na saya, wannan karon yayyafi ne mai ƙarfi a hanyar masallaci. Ina shiga gida na kashe bulutut ɗin waya, na kashe su biyun, akwatin kuma na buɗe shi na ajiye daban. Na zare robobin da ke shiga kunne na ɗauraye su da ruwa su kaɗai, tunda babu lantarki a cikinsu. Sai na riƙe kowane ɗaya ragar tana kallon ƙasa, ina ɗan buga shi a hankali a kan tsumma mai laushi da na shimfiɗa a tafin hannu. Ɗigo biyu-uku suka fito, har na ga tabonsu a tsumman. Ban hura da baki ba, don hurawa tura ruwan take yi ciki, kuma iska mai ƙarfi tana iya lanƙwasa ledar nan.

Daga nan na ɗora su a kan tsumma a inuwa, gaban fanka mai caji, ragar tana ƙasa, na bar su kwana guda. Washegari na zuba su a robar abinci mai murfi tare da 'yan ƙullin silika guda shida, waɗannan da ake samu a kwalin sabon takalmi ko jaka, an rubuta musu kada a ci. Su aikinsu ke nan, shan laima. Sai dai wanda ya daɗe a buɗe a ɗaki ya riga ya ƙoshi, ba abin da zai ƙara sha. Jimilla na yi awa 48 ban kunna ba. Da hunturu ne, da iska take bushe ƙayau, da wataƙila kwana ɗaya ya isa, amma a damina ko wanki ma jan ƙafa yake yi.

Shinkafa kuwa na daina. Ba ta fi iskar fanka busarwa ba, ga garinta da ke shiga raga ya haɗu da laima ya zama kamar koko. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta a shafinsa na taimako cewa kada a sa wayar da ta jiƙe a cikin shinkafa saboda ɓarɓashinta. Zafi ma haka: rana, dirayar gashi, gefen murhu, kan janareto. Batirin da ke ciki ƙarami ne ƙwarai kuma ba ya son zafi, yana iya kumbura, gam ya narke, ledar ta karkace, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Da na kunna a rana ta uku, na dama ya fito tas, na hagu yana nan da ɗan shaƙewa. Na shiga saitin waya na kunna Mono audio don su biyun su riƙa fitar da abu ɗaya, in tabbatar ba daga karatun ba ne. Bambancin yana nan. Na haska ragar da tocila, sai ga wani farin abu haɗe da dauɗar kunne ya lulluɓe kusan rabinta. Ashe wannan ba aikin ruwan sama ba ne, gumi ne na watanni, don da shi nake tattaki da asuba.

A ganina gumi ya fi ruwan sama sharri. Ruwan sama in ya bushe ya tafi, gumi kuwa yana barin gishiri, gishirin yana jawo laima yana cin ƙarfe, kuma ko wata guda ka yi kana shanya ba zai fita ba. Na ɗauki tsohon buroshin goge baki mai laushi, busasshe, na kife ragar ƙasa ina sharewa a hankali don dattin ya zubo waje. Ƙarafan caji na goge su da auduga da na ɗan taɓa a sifirit na matse sosai, ban bari ya ɗiga cikin raga ba. Allura da tsinken sakace na bar su inda suke, don huda ragar ba wuya. Murya ta dawo daidai da ɗan'uwansa.

A kwalin an rubuta IPX4, abin da a da na ɗauka yana nufin ruwa ba ya yi masa komai. Ma'anarsa fantsama ce kawai, kamar yayyafi da gumi. Wanda aka gwada da nutsarwa shi ne IPX7, zurfin mita 1 na minti 30, shi ma a ruwa mai tsabta kuma yana sabo. Sau da yawa lambar ta iyafis ɗin ce kaɗai, ba ta shafi akwatin ba.

Akwai inda shanya ba ta da amfani. In bayan kwana biyu da sharewa sauti yana ƙara-ƙara kamar rediyon da bai kama tasha ba, to ledar ko wayar cikin ta taɓu. In kuwa yana ɗaukar zafi a caji ko jikinsa ya fara buɗewa, batir ne, kada a sake kai shi kunne. Nawa bai kai nan ba. Yanzu in na dawo daga tattaki ina goge su in bar su minti goma a kan tebur kafin su koma akwati, in hadari ya haɗo kuma ina da 'yar leda a aljihu.