Babin bita ya daina jerin gwano

Daren jiya sakin layi ɗaya ya zauna mini daram, bayan sati uku ina kokawa da babin bitar ayyukan da suka gabata. Har sai da na tashi na zaga tsakar gida don murna.

Masu bin labarin memuwar ɗina, kundin binciken kammala karatu, sun san kan sassaben zamani nake aiki, wato yadda gawo ya dawo gonakin Matameye da Magarya da Mirya. Ayyuka 23 na karanta. A zubin farko kowane aiki na ba shi sakin layinsa: wane ya ce, wane ma ya ce. Malamin da ke duba aikina ya juya shafi uku ya ajiye. "Ɗana, wannan ai jerin gwano ne. Wa ke musu da wa a nan?" Na rasa ta cewa.

Sai na buga su duka a takarda, shafi ɗari huɗu, dala biyar-biyar. Jikka goma ta tafi, har yau tana yi mini zafi. Na kasa su a tabarma kashi huɗu: ruwan sama, doka, manoma, amfanin gona. A nan na maƙale. Aikin Reij da Tappan da Smale na 2009, mai maganar hekta miliyan 5 da itatuwa suka dawo a gonakin Nijar, ya taɓo kusan kowane kashi. Ina zan sa shi? Kwana biyu ina ɗaga shi daga wannan tsibi zuwa wancan. Da na daure na rubuta, ashe jerin gwanon ne dai na yanka gida huɗu. A ƙarƙashin "ruwan sama" ga wane ya ce, wane ma ya ce, ba abin da ya canza sai kanun.

Kuskuren biyu ne, kuma na daɗe ban gan su ba. Ina kasa littattafai, alhali maganganun da ke cikinsu ya kamata in kasa. Na sayo kwali na yayyanka, kowane kati magana ɗaya tak, da sunan mai ita, da shekara, da shafi, da hanyar da ya bi ya gano ta. Ayyuka 23 suka haifi kati 61, na Reij shi kaɗai ya ba da shida, kowanne ya kama gabansa. Na biyun ya fi wuya. "Ruwan sama" suna ne kawai, komi ka jefa ciki zai karɓa. Da na mai da shi tambaya, "ruwa ne ya dawo da itatuwan ko hannun mutane?", nan take katunan suka rabu gida biyu suna hararar juna.

Ga yadda sakin layin ya ginu. Herrmann da abokan aikinsa, a 2005, sun bi hotunan tauraron ɗan'adam na Sahel daga 1982 zuwa 2003, suka ga yawancin koren da ya ƙaru ruwa ne ya kawo shi, ko da yake wasu wurare sun yi koren da ruwa kaɗai ba zai bayyana ba. Larwanou da Abdoulaye da Reij kuwa, a 2006, ƙauyukan jiharmu ta Damagaram suka shiga, suka dubi gonaki, suka ji ta bakin manoma, kuma manomin da ke barin tohon itace suka ɗora wa nasarar. Da na jera katunan, layin "hanya" ne ya tona asirin. Wancan daga sama yake auna kore, kowane ɗigo kilomita takwas, ciyawa da gero da itace duk a haɗe. Wannan a ƙasa yake ƙirga itace. To, wane ɗan Damagaram ne bai san gawo da damina yake kakkaɓe ganye ba? Lokacin da ƙasa ta fi kore, shi tsirara yake. Ashe ba abu ɗaya suke aunawa ba. Wannan jimlar tawa ce, ita na sa a farkon sakin layin, sunayen marubutan suka koma baya suna ba da shaida.

Yanzu gwaji biyu nake yi wa kowane sakin layi. In kalmar farko sunan mutum ce, na san na koma gidan jiya. In kuma na sauya wa biyu wuri ba abin da ya ɓaci, to ba zare tsakaninsu.

Kashin doka bai gyaru ba tukuna. Dokar daji ta 1974 da ta 2004 sun ja ni ina ba da tarihi shekara bi shekara, wanda shi ma jerin gwano ne da ya sa babbar riga. Kuma akwai kati tara da suka ƙi shiga ko'ina, biyar daga ciki kan mata da itacen girki. Na danne su da dutse a bakin tabarma saboda iska. Zan kai su gaban Malam ranar Litinin, in ji ko su tsaya da kansu ko su fita daga babin.