Bin sawun kamfanin da ya canja suna

Ofis ɗina ƙarami ne a Kano, ni da yara biyu da wani lauya da muke haɗa hannu da shi in aiki ya kai ga kotu ko sa hannun lauya. Yawanci rajistar kamfani muke wa mutane a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, da biyan rahoton shekara-shekara, amma akwai wani aiki da ya fi kowanne cin lokaci kuma shi na fi so, wato a kawo maka tsohuwar takarda mai sunan kamfanin da yanzu babu wanda ya san shi, ko a nuna maka kamfanin yau a ce gano mana wane ne shi a da. Masu sayen fili ko sito suna zuwa, magada suna zuwa da satifiket ɗin hannun jarin mahaifinsu, wani lokacin ma tsohon ma'aikaci ne yake neman wanda zai tambaya haƙƙinsa.

Abin da nake fara gaya wa yarana shi ne kar su bi suna, su bi lambar RC, wato lambar rajistar da CAC ke ba kowane kamfani. Suna kamar fentin mota ne, lambar RC kuwa ita ce lambar shasi. Kamfani zai iya canja suna sau uku ko huɗu, masu shi su sayar wasu su saya, amma in dai shi ne ɗin to lambar da aka ba shi ranar rajista tana nan, ranar rajistar ma tana nan, kuma a doka canjin suna ba ya goge bashi ba ya goge dukiya ba ya kashe ƙarar da ake yi a kotu. Dubi gidajen man AP da muka taso muka gani. Asalinsu BP ne na Turawan Ingila, gwamnatin Obasanjo ta soja ta ƙwace a 1979 ya koma African Petroleum, a 2010 ya zama Forte Oil lokacin yana hannun Femi Otedola, ya sayar a 2019, a 2020 aka koma kiransa Ardova. Suna huɗu, masu iko sun yi ta canjawa, amma kamfanin guda ne.

Bari in ba da misalin aiki guda, irin wanda ya fi zuwa mana. Wani Alhaji zai sayi sito a unguwar masana'antu, mai sayarwa kamfani ne, ya kawo takardar mallakar fili ta shekarun 1980 amma sunan da ke jiki daban da sunan da ke kan takardar kamfanin da ya zo sayarwa. Manajansu ya ce ai mu ne, canja suna kawai muka yi. Alhaji ya ce mini, Malam, kai za ka duba mini wannan magana kafin in fitar da ko sisi. Na ce ranka ya daɗe ba komai, amma fa sai an ba ni lokaci don ba aikin yini ɗaya ba ne.

Farko na shiga shafin binciken CAC na sa sunan kamfanin na yanzu, kyauta ne wannan, zai fito maka da lambar RC da ranar rajista da ko kamfanin yana raye a wajensu. Ranar rajistar nan ita ce gwajin farko kuma mutane da yawa suna tsallake ta. In takardar fili ta 1980 da wani abu ce, kamfanin kuma sai a 2015 aka yi masa rajista, to magana ta ƙare, ba zai yiwu a ce canjin suna ne ba, domin kamfanin da bai zo duniya ba ba zai mallaki fili ba. Ko dai saye ya yi daga tsohon, sai ya kawo takardar cinikin da amincewar gwamna, ko kuwa wasu ne suka ga tsohon kamfani ya mutu suka je suka yi rajistar suna mai kama da nasa, a ƙara Nigeria ko Global ko a sauya harafi ɗaya, don su ci dukiyarsa. Wannan na biyun yana faruwa kuma shi ne abin da nake tsoro wa masu saye. Sannan a kula da bambancin RC da BN, mai lambar BN sunan kasuwanci ne kawai ba kamfani mai zaman kansa ba, in mutum ya fara da BN daga baya ya yi rajistar kamfani to sabon abu ne da sabuwar lamba ko da sunan iri ɗaya ne.

A wannan aikin ranar rajistar ta girmi takardar filin, toh an wuce matakin farko amma bai isa ba. Sai na biya aka ciro mini Status Report, wato takardar CAC mai bayanin halin da kamfani yake ciki, na kuma nemi kwafin da CAC ta buga wa hatimi na abubuwa biyu, ƙudurin da masu hannun jari suka zartar na canja suna, da satifiket ɗin da hukumar ta bayar bayan canjin wanda yake ɗauke da tsohon suna da sabo da lamba guda. A nan ne aka samu giɓi. Satifiket ɗin ya nuna tsohon suna amma ba shi ne na jikin takardar fili ba, wani ne daban, kenan akwai canji a tsakiya da ba a faɗa mana ba, ko manajan ma bai san da shi ba don shi ya zo daga baya. Tsofaffin kamfanoni haka suke, abin da aka yi kafin komai ya koma kwamfuta ba lallai ya fito a allo ba, sai an nemi a duba fayil ɗin takarda. Kafin a kai ga fayil ɗin na ce su buɗe mini kabad ɗinsu, tsofaffin rasitai, takardun haraji, wasiƙu masu kan kamfani, hatimin ƙarfe in yana nan, domin kamfanoni suna buga lambar RC a kan takardar wasiƙarsu. Wata tsohuwar wasiƙa mai sunan farko ta fito da lambar, ta yi daidai da ta yanzu, daga baya fayil ɗin ya tabbatar da canjin farko. Suna uku, lamba ɗaya. Ban yarda da wasiƙar ita kaɗai ba, ita hanya kawai ta nuna mini, abin da lauya zai dogara da shi shi ne kwafin mai hatimi.

Da muka je binciken ma'aikatar ƙasa sai wata ta taso, an taɓa jinginar da filin ga Bank of the North kuma babu takardar sakin jingina a fayil. Bankin nan da hedikwatarsa take nan Kano yanzu babu mai wannan suna. Wa zai sa hannu ya ce an biya?

Nan ne aikin yake rabuwa gida-gida, kuma nan ne nake ganin har masu ilimi suna ruɗewa, don a bakin mutane duk “banki kaza ya koma banki kaza” ne. A 2004 gwamnan babban banki Charles Soludo ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka dawo 25. Bank of the North yana cikin tara da suka haɗu suka zama Unity Bank a 2006, tare da irin su Intercity da Tropical Commercial da First Interstate. Wannan haɗewa ce, ana rubuta tsarinta, masu hannun jari su amince, Babbar Kotun Tarayya ta sa albarka, sai dukiya da bashi da jingina duk su koma kan kamfanin da ya rage, sauran a rushe su, lambobinsu su mutu. Don haka a haɗewa lambar RC ba za ta kai ka ba, takardar tsarin haɗewar da umarnin kotu su ne gadar. Wajen magajin bankin aka rubuta, da kwafin takardar jinginar da shaidar biyan da kamfanin ya adana, kuma na ce wa Alhaji kar ya biya cikon kuɗi sai takardar sakin ta fito an yi mata rajista a ma'aikatar ƙasa.

Da a ce Afribank ne ko Bank PHB da labarin ya sha bamban. A watan Agusta 2011 aka soke lasisin Afribank da Bank PHB da Spring Bank, hukumar inshorar ajiyar banki NDIC ta kafa sababbin bankuna uku, Mainstreet da Keystone da Enterprise, aka miƙa musu ajiyar mutane da kadarori, AMCON, hukumar gwamnati mai sayen basussukan bankuna da suka maƙale, ta zuba kuɗi ta mallake su. Ginin yana nan, ma'aikatan suna nan, asusunka yana nan, allon ƙofa kawai ka ga an sauya, amma kamfanin sabo ne fil da sabuwar rajista. Mai ajiya ya bi, mai hannun jari bai bi ba. Wallahi babu abin da ya fi mini nauyi a wannan sana'a kamar in zauna da magada sun zo da satifiket ɗin Afribank an lulluɓe a leda shekara da shekaru, suna cewa ai mun ji ya koma Mainstreet, Skye ya saye shi a 2014, Skye kuma ya koma Polaris a 2018, in ce musu duk wannan gaskiya ne amma takardarku ba ta hau wannan layin ba. Ina gaya musu tun ranar farko kafin in karɓi kuɗin aiki, don ban ga halaccin in sa su yi ta zirga-zirga a kan abin da na san ƙarshensa ba. Ga mai jingina kuma akwai ƙarin tambaya, ko bashin yana cikin waɗanda aka sayar wa AMCON, in haka ne to takardun suna can ba a bankin ba.

Ko a haɗewa ta gaskiya adadin da ke jikin satifiket ba shi ne abin da mutum yake da shi yau ba. Da Diamond ya shige cikin Access a 2019, duk hannun jari 7 na Diamond an ba shi 2 na Access da naira 1 a kan kowane guda na Diamond, kenan mai 7,000 ya tashi da 2,000 da tsabar kuɗi naira 7,000. In ba ka san wannan lissafin ba sai ka ɗauka an cuce ka. Ana samun irin wannan a takardar tsarin haɗewar, tarihin sunaye kuma sau da yawa yana cikin rahoton shekara na kamfanin da ke kasuwar hannun jari, a bayanin farko da ke bayan lissafin kuɗi, inda ake rubuta ranar rajista da tsohon suna da ranar da aka canja. Ni can nake fara dubawa kafin in kashe kuɗin mutum.

Abin da nake miƙa wa mai aiki a ƙarshe shafi ɗaya ne ko biyu, kowane suna da shekararsa da lambarsa da takardar da ta haɗa shi da na gaba, inda babu takarda kuma in rubuta ƙarara cewa nan babu, jin magana ne kawai. Na Alhaji an cike duka layukan, sai dai sakin jinginar ya ɗauki watanni, mai sayarwa ya yi ta ƙorafi, cikon kuɗin kuma yana ajiye a hannun lauya har ranar da takardar ta fito.