Laraba da dare: rahoton raunin da aka ji a ajina

Yau wata yarinya a ajina na huɗu ta fashe gira. Alhamdu lillahi tana gida yanzu, an yi mata ɗinki uku, mahaifiyarta ta ce ta ci abinci kuma tana hira. Abin da ya ci mini sauran yinin shi ne rubuta rahoton da za a ajiye a fayil ɗin makaranta, shi nake so in tsaya a kai tun abin bai fara dushewa a kaina ba.

Muna cikin darasin lissafi ne, na juya ina rubutu a allo, sai na ji ƙarar benci da ihu. Ina waiwayowa na gan ta zaune a ƙasa tsakanin layi na biyu da na uku, hannunta a goshi, jini na bin yatsunta. Na dubi agogon bango, ƙarfe 10:42. Wannan ɗabi'a ce da na koya wa kaina, domin duk wanda zai karanta rahoto daga baya, likita ko uba ko mai duba makarantu, lokaci zai fara tambaya, kuma idan hankali ya tashi minti biyar kan zama kamar rabin awa.

Na aika monita ya kira malamar ajin da ke kusa ta riƙe mini yara, ya kuma taho da akwatin taimakon gaggawa. Na sa safar hannu, na ɗora bandeji mai tsabta a kan wurin, na danna. Fuska da fatar kai suna da yawan jijiyoyin jini, shi ya sa ƙaramin yanka a gira kan zubar da jinin da zai firgita kowa. Abin da ke tsayar da shi dannawa ce ta kamar minti goma ba ɗagawa. Mutane kan riƙa ɗaga bandejin suna leƙawa, kuma kowace leƙawa tana ɓalle jinin da ya fara daskarewa. Da na farkon ya jiƙe, na ɗora wani a kansa ban cire shi ba. Ina dannawa ina tambayarta sunanta, da ranar da muke, da darasin da muke yi. Duk ta amsa daidai, sai dai tana kuka tana cewa, "Malama, zafi." Ƙarfe 10:54 jinin ya tsaya. Yankan yana saman girar hagu, tsawonsa kamar santimita biyu, bakinsa a buɗe, ba ya haɗuwa da kansa. Irin wannan ba na filasta ba ne, sai asibiti.

Hedimasta ya kira mahaifiyarta da 10:58, ta iso 11:25, suka tafi tare da malami ɗaya. Ba mu ba yarinyar kowane magani ba. Ba mu da izinin iyaye, kuma wanda ya bugu a kai gara likita ya gan shi yadda yake.

Bayan sun tafi na zauna da takardar rahoto. A nan ne aikin yake. Gaskiyar magana ita ce ban ga faɗuwar ba. Na ji ƙara, na ga abin da ya biyo baya, shi ke nan. Amma hannu na son ya rubuta "ta yi tuntuɓe ta faɗi" kamar a gabana aka yi, saboda jimla ce mai sauƙi kuma tana rufe magana. Idan na rubuta haka na sa hannu, na zama shaidar abin da ban gani ba. Don haka kafin in rubuta komai na raba abin da ke kaina gida uku: wanda na gani ko na ji da kunnena, wanda aka faɗa mini, da wanda nake zato. Na farko yana shiga rahoto da sunana. Na biyu yana shiga da sunan wanda ya faɗa, da kalmominsa. Na uku ba ya shiga ko kaɗan.

Na kira yaran da ke kusa da ita ɗaya bayan ɗaya, a ofis, hedimasta na zaune. Ba a tara su wuri guda, domin da na farko ya yi magana sauran za su bi bayansa, kafin ka ankara labari ya zama ɗaya ko da ba haka aka yi ba. Tambayar da na yi wa kowa ita ce, "Faɗa mini abin da ka gani." Ban ce "wa ya ture ta?" ba, domin wannan tambaya ta riga ta yanke cewa an yi turi, yaro kuwa zai nemo maka suna don ya faranta maka. Yarinyar da ke zaune kusa da ita ta ce ta tashi za ta fiƙe fensir, igiyar jaka ta harɗe mata ƙafa. Wani yaro na layin baya ya ce wanda ke bayanta ne ya miƙe ƙafa. Shi wanda aka ambata ya ce ƙafarsa na ƙarƙashin benci, bai motsa ba. Ita kanta mai raunin, lokacin da nake danna mata bandeji, cewa ta yi, "Wani abu ne ya riƙe mini ƙafa." Ba ta ce mene ne ba.

Ga yadda tsakiyar rahoton ya fita, na cire sunaye:

"Da misalin ƙarfe 10:42 na safe, ina rubutu a allo, bayana yana ga ɗalibai. Na ji ƙarar benci da kuka. Ban ga faɗuwar ba. Da na juya na ga ɗalibar zaune a ƙasa tsakanin layi na biyu da na uku, jini na fita daga saman girarta ta hagu. Na ga jini a kusurwar ƙarfen teburin farko na layi na uku. Na ga jakar makaranta a ƙasa a cikin hanyar, igiyarta a waje. Ɗalibar tana farke lokacin da na isa gare ta, ta amsa tambayoyi daidai, ba ta yi amai ba har lokacin da ta bar makaranta. Ɗaliba A ta ce: 'Igiyar jaka ce ta harɗe ta.' Ɗalibi B ya ce: 'C ne ya miƙe ƙafa.' Ɗalibi C ya ce: 'Ƙafata tana ƙarƙashin benci.'"

Hedimasta ya karanta ya ce, "Malama, to wanne ne gaskiya a ciki? Uban zai tambaye ni." Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da muke da shi ke nan. Jakar na gan ta da idona, ƙafar ban gan ta ba." Ya yi shiru, sannan ya ce a bar shi haka. Na ji daɗin hakan ƙwarai. Da na rubuta cewa C ya sa mata ƙafa, takardar za ta zauna a fayil shekara da shekaru, yaro ɗan shekara tara ya ɗauki laifi bisa maganar yaro ɗaya da ke layin baya. Da kuma na share maganar B don a zauna lafiya, na ɓoye abin da aka faɗa mini, ranar da iyayen suka ji shi daga bakin yara kuwa ba za su ƙara yarda da ko layi ɗaya na rahoton ba. Binciken wanda ya yi me aikin shugaban makaranta ne, yana da tasa takardar.

Wajen bayyana raunin ma akwai inda ake zamewa. Hagu da dama na mai raunin ake nufi, ba na mai kallo ba; ina fuskantarta, girarta ta hagu tana damana, kuma a nan ne mutane ke juya abin. Na zana kai a gefen takardar na sa alama a wurin. Na rubuta "yanka mai tsawon kamar santimita biyu, bakinsa a buɗe, da kumburi kewaye da shi". Ban rubuta "ƙaramin rauni" ko "mummunan rauni" ba, domin waɗannan hukunci ne, kuma idan gobe abin ya canza, kalmar "ƙarami" za ta zama kamar makaranta ta raina shi. Ban kuma rubuta cewa ƙwaƙwalwarta ba ta girgiza ba. Ni ba likita ba ce. Abin da zan iya shaida shi ne tana farke, ta san inda take, ba ta yi amai ba, ta taka da ƙafarta zuwa ƙofa ba tangaɗi. Rubuta abin da bai faru ba yana da amfani kamar rubuta wanda ya faru, domin likita na son sanin yadda take a sa'ar farko don ya gwada da yadda take daga baya.

Na kuma rubuta abin da aka faɗa wa mahaifiyar, da wanda ya faɗa, da lokacin. Mun ce mata ta sa ido sosai kwana biyun farko: idan yarinyar ta yi ta amai, ko ciwon kai ya riƙa ƙaruwa, ko barci ya yi mata nauyi har ana wahalar tada ta, ko ta rikice a magana, ko ta yi jijjiga, ko wani ruwa ya fito ta hanci ko kunne, a koma asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Mun kuma ce ta tafi da katin rigakafin yarinyar saboda za a tambayi allurar tetanus, tunda yanka ne da ya buɗe fata.

Sauran abubuwan ba su da wuya: cikakken suna da aji da ranar haihuwa daga rajista, kwanan wata, wurin, manyan da ke nan, wanda ya ba da taimako da abin da ya yi amfani da shi, lokacin da ta bar makaranta da wanda ya tafi da ita. Da biro ake rubutawa. Kalmar da za a gyara, layi ɗaya ake ja a kanta yadda za a iya karanta ta, a sa harafin suna a gefe. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwan gyara, don kada wani ya ce an sauya magana. Na sa hannu da lokacin da na gama, 1:20 na rana, hedimasta ya sa nasa. Kwafin da za a ba iyaye ba ya ɗauke da sunayen sauran yaran, haruffa kawai.

Teburin ya dame ni. Robar da ke rufe kusurwar ƙarfensa ta fita, bakin ya zama mai kaifi. Na rubuta haka a rahoton kamar yadda na gan shi, ba tare da cewa laifin wane ne ba, aka ɗauki hotonsa kafin a goge jinin, aka fitar da shi daga ajin. Na zagaya sauran teburan na sami wasu biyu a haka, su ma an fitar.

Da yamma mahaifiyar ta kira ta faɗi maganar ɗinkin, ta ce an ce su koma bayan kwana biyar a cire zaren. Wannan ba zan cusa shi cikin rahoton da aka riga aka sa wa hannu ba. Gobe da safe zan rubuta shi a ƙasa a matsayin ƙari, da kwanan watan gobe, in nuna cewa daga bakin mahaifiyar na ji ta waya, in kuma roƙe ta kwafin takardar asibiti a haɗa da fayil ɗin. Kafin darasin farko kuma za mu sauya wurin ajiye jakunkuna, a daina barinsu a hanyar da ke tsakanin layuka.